Awa Uku na Walima, Giga Tara a Waya: Yadda Ake Zaɓen Saitin Bidiyo

Walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Islamiyya tana da tsarin da kusan kowa ya sani. Ana buɗe taro da addu'a, shugaban makaranta ya yi jawabi, manyan baƙi su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, sannan ɗalibai su fito su yi karatu. Kiran sunayen masu sauka da miƙa musu allo da shahada, wato abin da iyaye suka baro gida dominsa, shi ke zuwa can ƙarshe, rana ta take, an kusa kiran azahar. Shi kuwa matashin da aka ce ya ɗauka wa dangi bidiyo, tun da hantsi ya ɗaga waya ya danna jan maɓalli, bai duba komai ba. Jawaban baƙi sun shiga tas, fes da su. Ana fara kiran sunaye sai wayar ta tsaya, ta ce wuri ya cika.

Wannan asara ce da ba ta da gyara, domin ba a maimaita walima. Kuma ba ƙarancin wuri kaɗai ke jawo ta ba. Sau da yawa wurin da ya rage a wayar zai ishi taron gaba ɗaya, in da an zauna an yi lissafin minti biyar tun da dare. Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: wayar Android mai matsakaicin kuɗi, saura GB 9 a cikinta, taron kuma zai kai awa uku. Abin da ya shafi walima ya shafi zaman tafsiri, da laccar jami'a, da taron ƙungiya, da duk wani zama mai tsawo da ake son a ɗauke shi cikakke.

Nawa minti ɗaya yake ci?

In mutum ya buɗe saitin kyamara zai ga lambobi iri biyu. Na farko su ne 720p, 1080p da 4K, kuma suna faɗin yawan ɗigon da ke cikin kowane hoto. A 720p ɗigo 1280 ne a kwance, 720 a tsaye, wato kusan dubu ɗari tara da ashirin. A 1080p sun ɗan haura miliyan biyu, 4K kuma ya ninka wannan sau huɗu, ya haura miliyan takwas. Lambobi na biyu su ne 30 fps da 60 fps, yawan hotunan da wayar ke ɗauka a kowace daƙiƙa domin ido ya ga motsi.

Amma akwai lamba ta uku da yawancin wayoyi ba sa nunawa, ita ce kuma mai cin wurin. Ana ce mata bitret: yawan bayanan da wayar ke rubutawa a ma'ajiyarta a kowace daƙiƙa, ana auna shi da Mbps. Ma'ajiyar waya kamar jarka ce a ƙarƙashin famfo, bitret shi ne yadda aka buɗe kan famfon. In ka zaɓi 4K ko 60 fps, abin da ke faruwa a ɓoye shi ne wayar ta ƙara buɗe shi, gwargwadon yadda kamfanin ya tsara. Lissafin bai da wuya: Mbps ɗaya yana cin MB 7.5 a minti, wato MB 450 a awa. Wayar da ke ɗaukar 1080p a kan Mbps 17, kamar yadda wayoyin Android da yawa ke yi, tana cin kusan MB 130 a minti, kusan GB 8 a awa guda.

Masu iPhone an sauƙaƙa musu. A ƙarƙashin Settings, Camera, Record Video, wayar da kanta tana rubuta kimanin abin da minti ɗaya zai ci a kowane saiti. A wayoyi da yawa za a ga kusan MB 40 a 720p, MB 60 a 1080p mai 30 fps, MB 90 a 1080p mai 60 fps, MB 170 a 4K mai 30 fps, da MB 400 a 4K mai 60 fps. Lambobin suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma tazarar ita ce abin lura: tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma ninki goma ne.

Mai Android kuwa sai ya auna da kansa, kuma ni a ganina wannan awon ya fi duk wata shawara da za a karanta. A saita kyamara a kan saiti guda, a ɗauki minti ɗaya cif, a buɗe bidiyon a shiga bayanansa a duba girmansa, a rubuta a takarda. A canza saiti a sake. In da hali a yi gwajin a wuri mai kama da inda za a yi taron, da mutane suna motsi a gaban kyamara, ba bango fari ba. In an gama a goge gwaje-gwajen. Minti huɗu ko biyar ke nan, kuma daga ranar mutum ya san wayarsa, ba sai ya sake ba.

Lissafin walimar

GB 9 ɗin nan ba duka ne namu ba. Waya tana buƙatar sarari domin ayyukanta na ciki, kuma in ta matse sosai takan yi nauyi, manhajar kyamara ta fara sarƙewa. Wasu kyamarorin ma suna tsayar da ɗauka tun kafin wurin ya ƙare ƙaf. Saboda haka mu ware GB 1.5 mu manta da shi. Saura GB 7.5, wato MB 7,500. Mu raba shi da minti 180, sai mu samu kusan MB 41. Wannan ne kasafinmu: duk saitin da ke cin fiye da MB 41 a minti ba zai kai mu ƙarshen walimar ba.

Mu ƙaddara gwajin da aka yi da dare ya ba da lambobin da aka saba gani a irin waɗannan wayoyi. 4K ya ci MB 360 a minti, to minti 20 kacal zai yi, ko shugaban makaranta bai gama jawabi ba. 1080p mai 60 fps ya ci MB 210, minti 35 ke nan. 1080p mai 30 fps, wanda yawancin wayoyi ke zuwa a kansa daga kanti, ya ci MB 130, bai cika awa ɗaya ba. Sai 720p da kowa ke zaton shi ne mafita: ya ci MB 90, minti 83, ko rabin taron bai kai ba.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ɗigon 720p bai kai rabin na 1080p ba, don haka ana sa ran girman fayil ma ya ragu da fiye da rabi. Ba dole ba ne. Kamfani ne ya yanke bitret ɗin kowane saiti, kuma wasu sun bar na 720p a sama. Mutum sai ya sadaukar da kaifin hoto mai yawa, ya samu ragin wuri ɗan kaɗan. Wata wayar kuma ragin yana da yawa ƙwarai. Ba a sani sai an auna, shi ya sa ba a ɗaukar lambar wayar maƙwabci a yi aiki da ita.

To tunda babu saiti ko ɗaya da ya shiga kasafin, sai a bi abubuwan da za a rage ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda rashinsa ba zai cutar ba.

60 fps ne farkon tafiya

A taron zaune, inda mutum ke tsaye gaban lasifika yana magana ko yaro na zaune yana karatu, 60 fps ba ya ƙara komai da za a yi kewarsa. Amfaninsa yana wurin motsi mai sauri: ƙwallo, dambe, sukuwar dawaki a hawan sallah, ko inda ake son a rage gudun bidiyon daga baya ba tare da ya yi tsalle-tsalle ba. Finafinan silima a kan hoto 24 a daƙiƙa ake yin su, ba wanda ya taɓa cewa motsin bakin ɗan wasa bai fito ba.

Gaskiya ne 60 fps ba ya ninka girman fayil sau biyu, yawanci rabi yake ƙarawa ko ɗan fiye. Dalili shi ne waya ba ta adana kowane hoto cikakke. Tana adana guda ɗaya cikakke, sannan na bayansa ta rubuta abin da ya canza kawai, kuma hotunan da suka matsu da juna bambancinsu kaɗan ne. Amma ƙarin rabi ma, ga mai ƙirga MB, babban abu ne.

Akwai kuma wata illar da ba a cika faɗa ba. In waya za ta ɗauki hoto sittin a daƙiƙa, kowane hoto ba zai samu fiye da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa yana shan haske ba, rabin abin da 30 fps ke iya ba shi. A fili da rana wannan ba matsala. A cikin aji, ko zauren taro, ko masallaci bayan isha'i, wayar sai ta ƙara ƙarfin na'urar ɗaukar hasken domin ta cike giɓin, hoton ya fito da wani yashi-yashi, musamman a wurare masu duhu da kan baƙin tufafi. Yashin nan yana canzawa daga hoto zuwa hoto, wayar kuma tana ɗaukarsa a matsayin canji, tana ɓata bitret wajen adana shi. An ci wuri, an kuma samu hoto mafi muni. Don haka a cikin ɗaki, ko da wayar fanko ce, 30 fps ya fi.

Sauka ƙasa da 30, zuwa 25 ko 24, ba ya rage wuri sosai. Amma 25 yana da wani amfanin daban. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru a kan zagaye 50 a daƙiƙa take, don haka wasu fitilu, musamman dogayen ƙwayaye da masu araha, suna ƙiftawa sau ɗari a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara tana gani. In ka ga layuka masu duhu suna gangarowa a fuskar waya, ko haske yana rawa, wannan ne. Yawancin wayoyi suna gyarawa da kansu, in kuwa ba su gyara ba, a iPhone a kunna Show PAL Formats a zaɓi 25 fps, a Android kuma a nemi saitin Anti-flicker ko Anti-banding a sa shi a 50Hz. In janareto ne ke ba da wutar, gudunsa na hawa da sauka, wani lokacin layukan ba za su ɓace duka ba. Mafita a nan ita ce a nemi gefen da hasken taga ya rinjayi na fitila.

4K ba ya buƙatar dogon bayani. Yana da amfani in za a yanko wani sashe na hoton daga baya, ko za a nuna a babban allo. Bidiyon walima kuwa a waya za a kalle shi, ta WhatsApp zai zagaya dangi, WhatsApp kuma yana matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba. Ga mai GB 9 da awa uku, babu maganar 4K. Haka ma HDR: in wayar na da shi a bidiyo, a kashe.

Ragin da ba ya taɓa hoto

Kafin a sauka daga 1080p, akwai ƙofar da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa, wato hanyar da wayar ke bi wajen matse bidiyon. Tsohuwar hanyar ita ce H.264, wadda ta fito a 2003, kuma kusan babu na'urar da ba ta karanta ta. Sabuwar ita ce HEVC, ana kuma kiranta H.265, ta fito a 2013. Tana ba da hoto mai kyau iri ɗaya a wurin da ya ragu da kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi. Apple ya shigo da ita a 2017, daga iPhone 7 zuwa sama, tana ƙarƙashin Camera, Formats, High Efficiency. Lambobin iPhone da muka kawo a sama nata ne. In an koma Most Compatible, 1080p ɗin da ke cin MB 60 yakan koma kusan MB 130. A wayoyin Samsung tana cikin saitin kyamara, a Advanced video options, da sunan High efficiency videos ko HEVC. Sauran kamfanoni kowa da inda ya ajiye ta, wasu ƙananan wayoyin ma ba su da ita.

Tana da sharaɗi guda. Tsofaffin kwamfutoci, da wasu talabijin masu karɓar filashi, da wasu tsofaffin manhajojin tace bidiyo ba sa buɗe HEVC. Alamar ita ce a ji murya amma allo baƙi, ko a ce ba a gane fayil ɗin ba. In an san bidiyon zai je hannun mai haɗawa a shago, a tura masa gwajin minti ɗaya tun kafin ranar, ya tabbatar yana buɗewa. Ko bai buɗe ba, ana iya juya fayil ɗin zuwa H.264 a kwamfuta daga baya. Abin da ba a iya yi shi ne dawo da sashen da ba a ɗauka ba.

Mu ce a wayar tamu HEVC ta sauko da 1080p zuwa MB 80 a minti, 720p kuma zuwa MB 55. Yanzu 1080p zai yi minti 93, 720p zai yi minti 136. An matso, amma har yanzu ba a kai 180 ba. Hanya biyu ta rage.

Ta farko ita ce mutum ya riƙe bitret ɗin da hannunsa. Kyamarar da ta zo da waya yawanci ba ta yarda da haka, amma akwai manhajoji masu yarda. Open Camera, wadda kyauta ce a Android, tana da wurin zaɓen bitret a cikin Video settings. Wace lamba za a sa? YouTube yana ba masu ɗora bidiyo shawarar Mbps 8 ga 1080p mai 30 fps, da Mbps 5 ga 720p. Wannan ya nuna cewa Mbps 17 da wayoyi ke zubawa ya wuce abin da zaman magana ke buƙata. In muka sa 720p a kan Mbps 5, minti ɗaya zai ci MB 37.5, a ƙara murya ya kai kusan 39, awa uku kuma kusan GB 7. Ya shiga kasafin, har da ɗan canji. Sai dai ba kowace waya ce ke bin lambar da aka sa mata ba, don haka a nan ma sai an yi gwajin minti ɗaya an duba girman.

Kada a yi kwaɗayin barin 1080p a kuma danne bitret zuwa Mbps 4 ko 5. In ɗigo sun yi yawa bayanai sun yi kaɗan, hoton yakan farfashe ya zama ƙananan murabba'ai duk lokacin da aka motsa, fuskoki su yi kamar an shafe su, zanen hula da aikin wuyan riga su narke. 720p mai isasshen bitret ya fi 1080p mai yunwa kyan gani. Kuma duk wanda ya rage bitret, lallai ya kafa wayar wuri guda, a kan ƙafar kyamara ko a jingine ta da littattafai a kan tebur. In hannu na rawa, komai na cikin hoton yana canzawa a kowace daƙiƙa, ɗan bitret ɗin ya tafi wajen bin bango da rumfa. In wayar na tsaye cak, bango ba ya cin komai, abin da ke akwai duka ya tafi kan fuskar mai magana.

Hanya ta biyu ita ce na fi so ga walima, domin ba duk mintocin taro ne darajarsu ɗaya ba. A nemi jadawalin taron wurin malamai. Karatun ɗalibai da raba shahada, mu ce minti 40, a ware musu 1080p, MB 80 sau 40, GB 3.2 ke nan. Wannan kason a cire shi tun farko a ɗauka an riga an kashe shi. Ragowar GB 4.3 zai ba da kusan minti 78 a 720p, wanda ya ishi addu'ar buɗewa da jawabin shugaban makaranta da muhimman sassan jawaban baƙi. Lokacin jiran baƙo, da gyaran lasifika, da rabon ruwa, a tsayar da ɗauka. Sannan a ajiye wata wayar kusa da lasifika tana naɗar murya kaɗai daga farko har ƙarshe. Murya mai kyau kusan MB ɗaya take ci a minti, awa uku bai kai MB 200 ba. A yi hakan da waya ta biyu, domin waya ɗaya sau da yawa ba ta barin manhajoji biyu su yi amfani da makirfo lokaci guda. A zaman tafsiri ko lacca ma, muryar ita ce kan gaba. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba sa zama kan maganar da ba sa ji.

720p yana da iyakarsa, kuma ya kamata a san ta. In mutum ɗaya ne ya cika rabin hoton, a fuskar waya da wuya a bambanta shi da 1080p. Inda yake kasawa shi ne ƙananan abubuwa: rubutun malami a kan allo daga bayan aji, ko sahun ɗalibai talatin da kowace uwa ke son gane fuskar ɗanta. Maganin wannan ƙafa ce, a matsa kusa. Jawo hoto da yatsu biyu, a wayar da ba ta da gilashin nesa, yanko tsakiyar hoton ne kawai a buɗa shi, ba ya ƙara komai. A lacca kuwa, maimakon a ɗaga saitin bidiyon gaba ɗaya saboda allo, a sa wani ya riƙa ɗaukar hoton allon kafin a goge. Hoto ɗaya MB kaɗan ne, rubutun kuma ya fi fitowa.

Abubuwan da ke rushe lissafi

Mutum zai goge tsofaffin bidiyoyi da dare, ya duba ya ga wurin bai ƙaru ba. Ba su tafi ba, suna kwandon shara. iPhone yana riƙe su kwana 30 a Recently Deleted, Gallery na Samsung ma kwana 30 a Trash ko Recycle bin. Sai an shiga can an sake gogewa. Wuri mafi saurin samar da sarari kuma shi ne WhatsApp, a Settings, Storage and data, Manage storage, inda yake jero fayilolin da suka haura MB 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Samun GB biyu a nan yana iya mayar da duk sassan da aka zaɓa a ɗauka zuwa 1080p. Ranar taron kuma a sa wayar a Airplane mode. Kira yana iya katse ɗauka, rukunonin dangi kuma a ranar ne suka fi zubo hotuna da bidiyo, suna cin wurin da aka yi kasafi da shi.

Katin memori mafita ne ga wayar da ke da ramin sa shi, amma da hattara. Gudu ba shi ne damuwa ba: kati mai alamar Class 10 ko U1 yana rubuta MB 10 a daƙiƙa, 1080p kuwa kusan MB 2 yake buƙata. Damuwar jabu ne. Akwai katunan da ke nuna GB 64 ko 128 alhali cikinsu bai kai haka ba. Wayar za ta yi ta rubutawa ba ƙorafi, sai an zo kallo a tarar fayilolin ba sa buɗewa. Kada a fara gwada sabon kati ranar taro. A cika shi da bidiyoyi tun kafin nan, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe a gani. Sannan katunan GB 32 zuwa ƙasa yawanci a tsarin FAT32 suke, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce GB 4. A MB 130 a minti, rabin awa ke nan. Wata wayar takan buɗe sabon fayil ta ci gaba, wata kuwa tsayawa take yi shiru, mai ɗauka yana can yana kallon taro.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi jin tsoro a dogon ɗauka. Fayil ɗin MP4 yana da wani ɗan sashe mai bayyana inda kowane hoto da kowace murya suke, kuma yawancin wayoyi sai an danna tsayawa suke rubuta shi. In batir ya mutu, ko manhajar ta rufe kanta, kafin a rubuta sashen nan, za a ga fayil mai nauyin GB da yawa amma ba ya buɗewa. Akan iya ceto shi da wasu manhajojin kwamfuta, akan kuma kasa. Saboda haka kada a ɗauki awa uku a fayil guda. A yanka duk minti 20 ko 25, a gaɓar da ta dace, lokacin da wani ya sauka wani zai hau. In wani abu ya faru, gutsure ɗaya aka rasa. Open Camera tana iya yin yankan da kanta in an sa mata iyakar tsawo da umarnin ta sake farawa, amma takan rasa daƙiƙa ɗaya ko biyu a tsakani, don haka a lokacin karatun ɗalibai gara mutum ya yanka da hannunsa. Ƙananan fayiloli sun fi sauƙin turawa ma, tunda WhatsApp ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 2 ko an tura shi a matsayin Document.

Sai zafi. Apple ya ce an ƙera iPhone ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran wayoyi ma kusan haka suke, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maradi, a watan Afrilu, zafin inuwa ma yakan haura 40. Ɗaukar bidiyo aiki ne mai nauyi ga waya, cajin da ake yi mata a lokacin kuma ƙarin zafi ne. In ta ɗau zafi za ta rage hasken fuskarta, hoton ya fara tsalle, daga nan ta rufe kyamarar. Saitin da ya rage cin wuri shi ne kuma ya rage zafi da cin batir, don haka 30 fps da barin 4K sun biya buƙata biyu. A zo da ita cike da caji, a cire mata riga, a kafa ta ƙarƙashin rumfa inda rana ba za ta cim mata ba in inuwa ta juya, a rage hasken fuskar. In za a haɗa ta da batirin ko-ta-kwana, a haɗa tun tana da sanyi, kada a jira sai ta kai kashi goma tana ƙuna.

Duk lokacin da aka yanka, a leƙa a ga nawa ya rage, a raba da lambar da aka rubuta a takarda, a gwada da abin da ya saura a jadawali. Taro yakan zarce lokacinsa, baƙon da aka ba minti biyar ya ci ashirin. In aka ga ragowar wurin ta kusa taɓa GB 3.2 ɗin da aka ware wa masu sauka, da GB 1.5 na wayar, to a dakatar da bidiyon jawabai nan take, a bar wayar murya ta ci gaba da aikinta, a jira fitowar ɗalibai. Kafin ɗalibai su fara karatu a mayar da saitin 1080p, a duba batir, a matsa kusa da inda za a miƙa allon.